Minti goma a gaban allo: yadda ake tsara darasin gwaji a intabiyun koyarwa

Assalamu alaikum Malam. Ina da NCE a fannin lissafi. Wata makarantar kuɗi a nan Zariya ta kira ni intabiyu mako mai zuwa, sun ce zan yi darasin gwaji na minti goma ga 'yan aji huɗu na firamare, a kan firakshan, wato lissafin su rabi da kwata. Na taɓa yin irin wannan a wata makaranta, ina cikin bayani aka ce lokaci ya cika, ba su sake nemana ba. Me zan koyar a minti goma, kuma me masu zaman intabiyun suke dubawa?

Wata malama daga Zariya

Wa alaikumus salam Malama. Firakshan babi ne da ake shafe makonni ana yin sa, don haka aikinki na farko shi ne ki yanko loma guda daga cikinsa, wadda yaro zai iya haɗiyewa kafin a ce ki tsaya. Mafi yawan waɗanda lokaci ke yanke wa ba jinkirin magana ne ya kayar da su ba. Darasin minti arba'in suka ɗauko, suka yi ƙoƙarin cusa shi cikin goma: ma'anar firakshan, ire-irensa, yadda ake tara shi, duk a zama ɗaya. Idan aka tsayar da su, sai a tarar allo ya cika amma babu yaron da ya yi wani abu da hannunsa, kwamitin intabiyu kuma ba shi da abin da zai rubuta a gurbin auna fahimta na takardar makinsa.

Lomar da zan ba ki shawarar ɗauka ita ce firakshan masu daraja ɗaya: yaro ya gane cewa 1/2 da 2/4 da 4/8 abu guda ne aka yi masa suna daban-daban. Ana iya nuna wannan da takarda, yana da ƙa'ida guda tak, kuma akwai wani kuskure sananne da yara ke yi a kansa, wanda zai ba ki damar nuna wa kwamiti cewa kin san inda ake tuntuɓe. Ki rubuta manufarki a jimla ɗaya, da aikin da ido zai iya gani: a ƙarshen darasi, ɗalibai za su iya cike gurbin lambar da ta ɓace a irin 1/3 = ?/6. Kada ki rubuta "za su fahimta" ko "za su san". Tun a kwaleji an faɗa muku dalili: ba a ganin fahimta, amma ana ganin yaro ya cike gurbi daidai ko ba daidai ba.

Kafin ranar, ki kira wanda ya gayyace ki ki tambayi abu uku. Yara na gaske za a kawo miki ko masu intabiyun ne za su zauna a matsayin ɗalibai? Idan yara ne, su nawa? Allon na alli ne ko farin allo na maka? Ba rashin kunya ba ne, yawancin shugabannin makarantu ma suna ɗaukar irin wannan tambaya a matsayin alamar mai shiri. Ki kuma tambayi harshen da ake koyarwa da shi a ajin. A makarantun kuɗi galibi Turanci ne, kuma suna sauraren Turancin naki. Abin da zan rubuto miki a nan da Hausa sai ki mayar da shi gajerun jimloli na Turanci mai sauƙi. Idan yaro ya cije, kalma ɗaya ta Hausa kamar "rabi" ba ta ɓata darasi, amma kada ki juye gaba ɗaya sai in an ce miki haka suke yi.

Kayan aikin ba su da tsada. Ki samu farar takarda irin wadda ake hoton takardu da ita, ki yanka kowace gida huɗu a tsaye, ta zama dogayen zirare. Takarda takwas za ta ba ki zirare talatin da biyu, sun ishi aji. Kowane ziri ki ninka shi biyu daidai tun a gida, ki shafe gefe ɗaya da kala, ki buɗe. Wannan shafewar kada ki bar wa yara. In kika ce su yi da kansu, wani ba shi da fensir, wani zai tsaya ƙawata nasa, minti uku sun tafi. Ki yi wa kanki babban ziri guda na kwali, shi ma a ninke a shafe haka, tsawon kamu biyu zuwa uku, wanda na bencin baya zai hango. Ki saka alli da maka biyu da abin goge allo a jaka, domin makar da za ki tarar a aji sau da yawa ta bushe. Kada ki dogara da abin da ke buƙatar wuta. Sannan ki buga takardar shirin darasinki shafi ɗaya, kwafi huɗu ko biyar, ki miƙa wa kowane mai intabiyu kafin ki fara. Ko ba su nema ba za su duba, kuma da ita za su riƙa bin ki: abin da kika ce za ki yi, shi kika yi?

Yanzu ga darasin kansa. Ki tsara shi ya ƙare a minti tara, ki bar ɗaya don abin da ba a zata ba, domin raba takarda kaɗai yana cin lokaci fiye da yadda mutum yake zato idan yana gwaji shi kaɗai a ɗaki.

Minti na farko na gaisuwa ne da taɓa abin da suka riga suka sani. Ki yi sallama, ki faɗi sunanki a taƙaice, ki rubuta kwanan wata da darasi da batu a saman allo. In an ba ki dama, ki rubuta waɗannan tun kafin a fara ƙirga lokaci. Sai ki ɗaga kwalinki ki tambaya: kashi nawa aka raba wannan, kashi nawa aka shafe? Ki kira yaro ɗaya ya faɗa, wani ya zo ya rubuta 1/2 a allo. Wannan shi ne gurbin da takardar shiri ke kira ilimin baya, kuma amfaninsa na gaske ne: ajin ba naki ba ne, ba ki san inda malaminsu ya tsaya ba. In aka kasa rubuta 1/2, kin san dole ki ja baya kaɗan, ki nuna cewa lambar ƙasa tana faɗin yawan kashin da aka raba, ta sama tana faɗin yawan da aka ɗauka.

Daga nan ki jefa musu tambayar da za ta riƙe darasin: Amina ta ci rabin burodi, Musa ya ci kashi biyu cikin huɗu na irin burodin. Wa ya fi ci? Masu cewa Musa su ɗaga hannu, masu cewa Amina su ɗaga, masu cewa daidai suke su ɗaga. Da yawa za su zaɓi Musa, tun da biyu da huɗu sun fi ɗaya da biyu girma a idonsu. Kada ki faɗi amsa. Ki ce mu gani, takarda za ta raba gardama.

Minti na biyu zuwa na huɗu na hannu ne. Ki ba yaro ɗaya a kowane layi zirare ya raba, kada ki bi benci benci da kanki. Amma kafin takarda ta isa hannunsu, ki gama ba da umarni, domin da zarar sun riƙe ta kunnensu ya bar wurinki. Umarnin ɗaya ne a lokaci guda: a ninka a kan tsohon layi, a sake ninkawa sau ɗaya, baki ya haɗu da baki, a buɗe. Ki yi da naki suna kallo. Kashi nawa yanzu? Huɗu. Nawa ne masu kala? Biyu. Ki rubuta 2/4 kusa da 1/2. Sai tambayar da ita ce zuciyar darasin: wurin da aka shafe ya ƙaru, ko ya ragu? Ki bari su kalli takardar su ce bai canza ba. A lokacin ne za ki saka alamar daidai tsakanin lambobin biyu, ki koma kan Amina da Musa. A ƙara ninki ɗaya, a samu 4/8.

A nan ki zaga. Za ki tarar da wanda ya ninka a karkace, kashinsa ba su yi daidai ba. Ki ɗaga takardarsa ba tare da kin kunyata shi ba, ki tambayi aji ko za a kira waɗannan kwata. Daƙiƙa ashirin ce, amma ta koyar da cewa firakshan sai da rabo daidai wa daida, kuma ta nuna wa kwamiti cewa idonki yana kan aikin yara.

Minti na biyar da na shida ki ciro ƙa'ida daga abin da ke allo. An rubuta 1/2 = 2/4 = 4/8. Ki tambaya: me ya faru da lambar ƙasa daga biyu zuwa huɗu? Wani zai ce an ƙara biyu, wani zai ce an ninka sau biyu. Dukansu gaskiya suka faɗa a kan wannan misali, kuma nan ne tarkon yake. Ki kai su ga ta sama: daga ɗaya zuwa biyu, an ƙara biyu ne? A'a, da uku za a samu. An ninka sau biyu? E. To abin da ya yi aiki sama da ƙasa shi ne ninkawa. Ki ja baka daga lamba zuwa lamba, ki rubuta ×2 a sama da ƙasa. Ƙa'idar ta fito a jimla ɗaya: abin da ka ninka ƙasa da shi, ninka sama da shi.

Minti na bakwai da na takwas nasu ne. Ki rubuta tambaya biyu kawai: 1/3 = ?/6 da 2/3 = ?/6. Kowa ya yi a bayan zirinsa, ke kuma ki yi shiru ki zaga. An zaɓi waɗannan lambobi da gangan. Yaron da ke tunanin ƙari zai ga uku ta koma shida, ya ce an ƙara uku, ya rubuta 4/6 a ta farko da 5/6 a ta biyu. Wanda ya kama ƙa'ida zai rubuta 2/6 da 4/6. Da kallo ɗaya kin san wanda ya gane, kin kuma san irin kuskuren wanda bai gane ba. In kika ga 4/6 a ta farko, ki zana doguwar akwati a allo, ki raba ta uku, ki shafe ɗaya, ki tsaga kowane kashi biyu, ki sa mai kuskuren ya ƙirga masu kala. Zai ƙirga biyu, shi da kansa zai gyara. Kada ki ce a ninka takarda gida uku, yana da wuya ga ƙananan hannu kuma ba ya fita daidai.

Minti na tara ki ce kowa ya ɗaga takardarsa, ki duba, ki faɗi abin da kika gani da gaskiya: yawancinku sun samu, wasu sun yi ƙari, gobe za mu fara daga nan. Yaro ɗaya ya maimaita ƙa'idar da bakinsa. Ki ba da aikin gida guda, misali 3/4 = ?/8, ki yi godiya, ki goge allo in ba a ce ki bari ba.

To me mutanen da ke zaune a baya suke rubutawa? Takardar makinsu yawanci ba ta da nisa da wadda malamin kwaleji ya riƙa cikewa lokacin da ya zo duba ki a koyarwar gwaji: shirin darasi, gabatarwa, sanin fanni, amfani da kayan koyarwa, aikin allo, salon tambaya, riƙon aji, lokaci, auna fahimta, sai murya da shiga. Amma ba nauyi ɗaya kowa ke ba su ba. Shugaban sashen lissafi, ko malamin da ya daɗe yana koyar da shi, kuskuren fanni yake jira. In kika ce "a ƙara sama da ƙasa" alhali ninkawa kike nufi, ko kika zana kashin da ba su yi daidai ba kika kira su kwata, ya gani, kuma wannan yana da wuyar yafewa. Hedimasta ko mataimakinsa yana kallon yaran fiye da yadda yake kallon ki: su wa suka yi magana, na baya sun shiga, 'yan mata sun amsa ko maza uku na gaba ne suka cinye darasin? Mai makaranta kuma yana tambayar kansa ko zai iya barin ki da aji ba tare da iyaye sun kawo ƙara ba. Shi ya sa tsawa, barazanar bulala, ko kiran yaro daƙiƙi, ko da wasa, suke kashe intabiyu nan take.

Bari in daɗe kaɗan a kan tambaya, domin nan ake bambance wanda ya iya da wanda ya haddace. "Kun gane?" ba tambaya ba ce. Aji zai amsa da "e" mai tsawo ko da Sinanci kika yi musu, kuma masu intabiyu sun san haka sarai. Haka nan amsar taro, inda kike fara jimla su ƙarasa, tana ɓoye rabin ajin da ke motsa baki kawai. Ki yi tambaya tukuna, ki dakata, sannan ki nuna wanda zai amsa. In kika kira suna kafin tambaya, sauran sun huta. Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta auna wannan dakatawa a ajujuwa, ta gano cewa malamai kan jira kimanin daƙiƙa ɗaya ne kawai, kuma idan aka kai jiran zuwa daƙiƙa uku, amsoshi kan yi tsawo, yaran da ke amsawa kuma su ƙaru. A gaban kwamiti daƙiƙa uku za ta yi miki kamar shekara. Ki ƙirga a zuci ki daure. Tun da ba ki san sunayensu ba, ki tambayi sunan duk wanda kika kira, ki yi amfani da shi wajen yaba masa.

Allo kuma, ki raba shi biyu ko uku da layi, ki fara daga hagu. Rubutu ya zama babba, layin firakshan ya kwanta a miƙe, lamba ɗaya a samansa ɗaya a ƙasansa, ba a karkace kamar yadda ake buga shi a waya ba. Kada ki yi magana kina fuskantar allo: ki rubuta, ki juyo, ki matsa gefe, sannan ki yi bayani. Abin da ya rage a allo a ƙarshe ya kamata ya zama abin da yaro zai kwafa ya karanta a gida ya gane.

Idan aka ce babu yara, su ne ɗaliban, kada ki canza darasin, kuma kada ki koma ba su labarin abin da za ki yi da a ce yara ne. Ki raba musu ziraren, ki sa su ninka. Za ki ji nauyin sa dattijo mai furfura ya ninka takarda, amma shi ya zaɓi zama ɗan aji huɗu, kuma abin da yake so ya gani ke nan. Ki girmama su a lafazi, ki kira su Malam da Hajiya, amma matakin bayanin ya tsaya na yaro mai shekara tara. Ki sa ran ɗayansu zai ba da amsar banza da gangan, ko ya fara hira da na kusa da shi, ko ya ce bai gane ba bayan kin gama. Gwaji ne. Mai amsar kuskure ki tambaye shi yadda ya samo ta, ki mayar da shi kan takarda. Mai surutu ki matsa kusa da shi kina ci gaba da darasi, ki jefa masa tambaya. Mai cewa bai gane ba kada ki maimaita masa jimlar farko da ƙarfi, ki sauya hanya: kuɗi, misali, naira hamsin rabin ɗari ce, haka ma in an kasa ɗarin gida huɗu aka ɗauki biyu. Idan kuma aka yi miki tambayar da ta fita daga darasin, kamar yadda ake tara 1/2 da 1/3, ki ce tambaya ce mai kyau, darasin gaba ne, kuma abin da muke yi yau shi ne mabuɗinta. Gaskiya ne kuwa, tun da sai an mayar da su 3/6 da 2/6.

Ki gwada darasin a gida sau uku da agogo, a tsaye, da murya, kina rubutu a kan wani abu. In akwai ƙanne ko 'ya'yan maƙwabta masu wannan shekaru, su ne mafi kyawun ma'auni. Ki san tun yanzu abin da za ki yar in lokaci ya matse: 4/8 zai iya tafiya, aikin gida zai iya tafiya, tambaya ta biyu za ta iya tafiya. Abin da ba ya tafiya shi ne minti biyun da yara ke aiki ke kina dubawa. Agogon hannu ya fi waya, domin ɗaga waya a gaban aji ba ya yi wa kwamiti kyan gani. In an ce saura minti ɗaya kina tsakiyar bayani, ki tsallaka kai tsaye zuwa tambayar aunawa. In an tsayar da ke a minti na shida, ki tsaya nan take. Wani lokaci sun ga abin da suke nema ne, wani lokaci masu jiran layi ne suka yi yawa.

Bayan kin zauna, da wuya a rasa mai tambayar yadda kike ganin darasin ya tafi. "Alhamdulillahi, ya yi kyau" ba ta ƙara miki maki, kushe kai ma haka. Ki ba su lissafi: na ga kusan kashi biyu cikin uku sun samu tambayar farko, yara biyar ko shida sun rubuta 4/6 domin sun yi ƙari maimakon ninkawa, da ajina ne gobe zan fara da zanen kashi uku kafin in ci gaba. Za su iya tambayar yadda za ki shimfiɗa shi ya cika minti talatin da biyar ko arba'in, da abin da za ki ba yaron da ya gama da wuri. Na farko, ƙarin aikin hannu bibbiyu da tambayoyi shida zuwa takwas a littafi. Na biyu, ki juya masa tambayar: 6/8 = ?/4, inda sai ya raba maimakon ya ninka. Ki tafi da asalin takardunki da kwafinsu, har da shaidar rajistar TRCN, wato hukumar rajistar malamai ta ƙasa, in kin yi, domin wasu makarantun a wannan zaman suke neman gani.